Na danna Alt+A amma murya ba ta rufu ba: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke rubuta bayanan zaman ƙungiyarmu da muke yi a Zoom duk ƙarshen wata. Wani yaro a ofis ya koya min maɓallai uku: Alt+A na rufe murya da buɗe ta, Alt+V na kyamara, Alt+Y na ɗaga hannu. Matsalar ita ce wani lokaci suna aiki, wani lokaci kamar ban taɓa komai ba. A zaman da ya wuce ina cikin rubutu a Word yara suka shigo da hayaniya, na danna Alt+A na juya ina yi musu faɗa, ashe kowa na ji. Kwamfutar ce ta tsufa ko yaya? Wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda ya yi.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ka huta da wannan haɗe-haɗen maɓallai. Ni kullum murya a rufe nake barinta, in zan yi magana sai in danne dogon maɓallin nan na ƙasa, Space, in riƙe shi har in gama. Ina saki ta koma ta rufe da kanta. Ko'ina yana aiki, ba ruwansa da wace manhaja ce.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Kwamfutarka lafiya lau, Malam. Amsar tana cikin abin da ka faɗa da bakinka: kana cikin rubutu a Word. Duk abin da ka danna a allon rubutu, wurin tagar da kake aiki a kai yake zuwa, wato wadda ka taɓa a ƙarshe. Ko da kana ganin fuskokin mutane a gefe, in Word ce ke gaba, ita ta karɓi Alt+A ɗinka, Zoom bai ma san ka danna ba. Da Excel ne a gaba za ka ga shaida da idonka, domin Alt+A a can shafin Data yake buɗewa.

Ga gyaran. Shiga Settings na Zoom, ka nemi Keyboard Shortcuts. Za ka ga kowane umarni da ɗan akwati a gabansa, ƙarƙashin Enable Global Shortcut. Sa alama a na rufe murya. Daga nan ko a wace taga kake, Alt+A zai isa wurin Zoom. Ka gwada kafin zama: buɗe taro kai kaɗai, koma Word, danna, sannan ka leƙa alamar makirfon ɗin. In jan layi ya ratsa ta, ta rufu. Kada ka taɓa dogara da dannawa kawai, domin maɓalli ɗaya ne ke rufewa da buɗewa. In shugaban taro ya riga ya rufe kowa ba ka lura ba, dannawarka buɗe ka za ta yi.

Hajiya kuma, maganarki rabi ce gaskiya. Riƙe Space yana aiki a Zoom, amma shi ma sai tagar taron tana gaba. Sakatare da ke cikin Word in ya riƙe shi, fili kawai zai yi ta zubawa a rubutunsa. A Google Meet sai kin fara kunna Push to talk a saitin sauti. A Teams kuwa Ctrl+Space ake riƙewa.

Maman 'Yan Biyu:
To ai ni Zoom ɗin kaɗai muke yi a makarantar yara, shi ya sa ban taɓa ganin bambanci ba. Na gode.

Ɗan Damagaram:
Bari in kawo tawa, ko da yake ta ɗan bambanta. Mu nan yawancin injunanmu allonsu na Faransanci ne, inda A da Q suka yi musayar wuri. Wani abokin aikina ya sayi kwamfuta ta hannu wadda a jikin maɓallan rubutun Faransanci ne, amma wanda ya sa mata Windows ya bar ta a tsarin Ingilishi. Duk sanda ya danna Alt da maɓallin da aka rubuta A, sai Zoom ya fito masa da tambayar ko zai fita daga taro. Ashe injin Q yake karantawa, kuma Alt+Q shi ne na fita. Mun gano ne da muka buɗe fili muka danna A sai q ya fito. Muka canza tsarin allon da Win+Space, magana ta ƙare. Duk mai irin wannan inji ya fara yin wannan gwajin.

Ɗalibin Nesa:
Ni a waya nake shiga darasi. Ina zan samu wannan Alt ɗin? Na duba allon rubutuna babu shi.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ƙanena, na kwamfuta ne wannan. A waya taɓa fuskar allon kawai za ka yi, alamomin su fito. Sai dai in ta kiran lamba ka shiga taron Zoom ba ta data ba, to a nan *6 ke rufe murya da buɗe ta, *9 kuma ɗaga hannu.

Akantar Kaduna:
Ni damuwata yawan manhajojin ne. Ofis Teams, abokan hulɗa Meet, horo kuma Zoom, kowanne da nasa. Na rubuta a takarda na manna a gefen allo, a jere murya, kyamara, hannu:

```
Zoom:  Alt+A  Alt+V  Alt+Y
Meet:  Ctrl+D  Ctrl+E  Ctrl+Alt+H
Teams: Ctrl+Shift+M  Ctrl+Shift+O  Ctrl+Shift+K
```

Wanda ya kamata a kiyaye shi ne H ɗin nan. A Meet ɗaga hannu ne, amma a Teams na kwamfuta Ctrl+Shift+H katse kira ne, kuma tsakaninsu maɓalli ɗaya ne. Shugabar sashenmu ta taɓa son yin tambaya a tsakiyar bayanin kasafi, hannunta ya tafi inda ya saba, sai ga ta a waje. Sannan batun taga da aka yi a sama ya fi ciwo a Meet, tunda cikin burauza yake. In ka koma wani shafi ka danna Ctrl+D, ɗan akwatin ajiye adireshin shafi ne zai fito, murya kuwa tana nan a buɗe. Duk sanda na ga wannan akwatin na san ban rufu ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya Akanta, masu Mac fa? Shugabanmu ita yake riƙewa, kullum sai ya tambaye ni.

Akantar Kaduna:
Na Zoom na sani: Command+Shift+A murya, Command+Shift+V kyamara, Option+Y hannu. A Meet Command+D da Command+E. Amma ina da ja kan shawarar Enable Global Shortcut. Ni aikina a Excel yake, Alt+A nake amfani da shi in shiga Data in tace lissafi. Da na kunna wannan saitin, ina tace jadawali ina buɗe muryata ban sani ba. Cire shi na yi. Gara in danna Alt+Tab in koma taron, in rufe, in dawo.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Gaskiyarki a naki aikin. Amma ba sai kin cire ba: a wannan shafin na Keyboard Shortcuts ana iya danna kan umarnin a sauya masa maɓallai, ki ba shi haɗin da Excel ba ya amfani da shi. Na kyamara dai ni ma ba na sa masa wannan alamar. Kuskure ɗaya ya isa a gan ka da singileti.

Akantar Kaduna:
In na sauya, ranar da na zauna a kwamfutar ofis hannuna zai nemi abin da babu. Ni dai ina kan Alt+Tab ɗina.

Sakataren Ƙungiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa alamar a na murya kaɗai, na gwada daga cikin Word, jan layin ya fito. Saura ɗaga hannu: Alt+Y na ɗagawa, amma bayan an ba ni dama na yi magana sai in manta, hannun ya yi ta tsayuwa har shugaba ya sake kirana. Akwai wanda ya san saitin da zai sauke shi da kansa, ko dole sai na sake danna Alt+Y?