Rajistar mofin ta ce 86, na ƙirga 72 a kabad

Sabuwar Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka damƙa mini rajistar magungunan da ake kullewa a famasinmu. Jiya na ƙirga ƙwayar mofin mai miligiram 10, rajista ta ce 86, ni kuma 72 na samu. Ga wani layi da aka shafe da farin ruwan goge rubutu tun kafin na karɓa. An ce sufeto na nan tafe. In sayi sabon littafi in kwafe komai tsaf, ko yaya zan yi?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Kada ki kuskura ki kwafe, ƙanwata. Littafin da aka cika wata uku da biro ɗaya, da hannu ɗaya, babu ko ɗigon datti, shi ne na farko da ke sa sufeto ya gyara zama. Inda aka yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ki sa hannu. Shi ke nan.

Tsohon Famasis: Abban Sadik ya yi gaskiya a kan kwafewa. Jan layin ne zan ɗan tsaya a kai. A littafin fitar da magani na yau da kullum ya wadatar, amma a rajistar magungunan da ake kullewa akwai ƙasashen da dokarsu ba ta yarda a soke komai ba, ko da layi ɗaya ne. Sai dai a sa tauraro a gefen layin, a rubuta bayani a gefe ko ƙasan shafi, da kwanan wata da sa hannu. Ki duba ƙa'idar hukumar da ke kula da ku, amma hanyar tauraro ba ta taɓa ba ni kunya ba.

'Yata, bar maganar gyara tukuna, nemo 14 ɗin nan shi ne aikin yau. Koma baya zuwa rana ta ƙarshe da mutum biyu suka ƙirga suka sa hannu, daga nan za ki faro. A ce ranar an samu 42. Ɗauko takardar kawo kaya ki ga ko abin da aka shigar ya yi daidai da abin da aka kawo, a ce 100, ya zama 142. Sannan ki bi takardun likita ɗaya bayan ɗaya, ki sake lissafin da kanki, domin sau da yawa ɗebewa ce kawai wani ya yi ba daidai ba. In an fitar da 28 sau biyu, 86 ɗinki ya fito, lissafi ba shi da laifi. Ke nan akwai fitar da ba ta shiga wannan shafin ba. A nan littafin yau da kullum zai yi miki rana: nemi duk inda aka ba da mofin a wannan tsakanin, ki ga wace ce babu ita a rajista.

Kuma ki ƙirga sauran ƙarfin maganin. Kowane magani, kowane ƙarfi, ƙwaya ko allura ko na ruwa, shafinsa daban, kuma mai gaggawa yakan buɗe shafin maƙwabci.

Mai Sito: Ni shawarata ku koma kwamfuta kawai. Tun da muka koma, ita ke cire ragowa da kanta.

Abban Sadik: Malam, kwamfuta ba ta buɗe kabad ta ƙirga. Abin da aka shigar mata shi take cirewa.

Sabuwar Hannu: Baba, na bi yadda ka ce. Mai miligiram 30 rajista ta ce 40, na ƙirga 54. Rarar 14 cif! Akwai takarda mai lamba 0417 da aka shigar a shafin. Alhamdu lillahi, ashe shafi aka kuskure.

Tsohon Famasis: Dakata, kada ki yi saurin murna. Gibin 14 a nan da rarar 14 a can fassara biyu gare shi, kuma littafi kaɗai ba zai raba miki su ba. Ɗauko ainihin takardar likitan ki karanta ƙarfin da ya rubuta. In ya rubuta 10, to an ba mara lafiya daidai, alƙalami ne ya ɓata hanya. In kuwa 30 ya rubuta, rubutun rajista daidai yake, hannu ne ya ɗauko kwalin 10 aka miƙa wa mutum. Wato wani yana gida yana shan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta masa, yana fama da ciwo. Wannan ya tashi daga matsalar littafi, sai a nemi mara lafiyar da likitansa yau ɗin nan.

In na farkon ne, kada ki cusa gyaran tsakanin tsofaffin layuka, kada kuma ki sa tsohon kwanan wata. Buɗe sabon layi da kwanan watan yau a shafin 10, ki rubuta cewa ƙwaya 14 da aka bayar ran kaza kan takarda 0417 an shigar da su shafin 30 bisa kuskure, ragowa 72. A shafin 30 ki sa tauraro a layin, ki rubuta bayanin da ya dace, ragowa 54. Ke da famasis mai kula da wurin ku sa hannu tare.

Maman Ikram: Ni abin da ya faru da ni daban ne. Allurar fetidin biyar suka gama wa'adi, na ware su a leda na cire su daga ragowa, a ganina ai sun mutu. Da mai dubawa ta zo ta ƙirga, sai ta ga kabad ya fi littafi da biyar. Ta ce muddin abu yana hannunmu yana cikin lissafi, har ranar da za a lalata shi gaban shaidar da doka ta amince da shi a rubuta. Abin da ya ba ni mamaki, ba ta karanta littafin daga farko ba. Takardu uku ta zaro daga tsakiyar fayil ta neme su a rajista, sannan ta zaɓi layi uku a rajista ta ce in kawo takardunsu. A kowace ta duba sa hannun likita, kwanan wata, da ko adadin da aka rubuta shi aka bayar. Ta kuma tambayi dalilin layuka biyu da aka tsallake babu rubutu.

Mai Sito: To tsofaffin littattafan fa, sun cika mana wuri.

Tsohon Famasis: Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda mofin da fetidin ke ƙarƙashinta, ta ce a adana bayanai aƙalla shekara biyu. Wannan mafi ƙaranci ne, dokar ƙasa kan iya ƙarawa, kuma galibi daga rubutu na ƙarshe a littafin ake fara ƙirga.

Sabuwar Hannu: Na samo takardar, 10 likita ya rubuta, kuma littafin yau da kullum ma 10 ya nuna. Mun yi gyaran ni da shugabata. Saura layin da aka shafe. Na haska fitila ta bayan shafin, kamar 20 ne aka mayar 28. Takardar likitan 28 ta ce. Wanda ya rubuta ya bar aiki.

Abban Sadik: Tunda takarda da lissafi sun yarda da 28, ki bar shi. Kada ki tono wa kanki abin da ba a tambaye ki ba.

Maman Ikram: A'a, Yaya, za a tambaya. Farin nan daga nesa ake hango shi. Ni da ni ce, ba zan kankare ba, zan sa tauraro in rubuta cewa haka na tarar da shi ran kaza, an gwada da takardar likita an ga 28, shugaba ta sa hannu, in ajiye takardar kusa.

Sabuwar Hannu: Shugabata ta ce a kira shi ya zo ya sa hannu da kansa. To wanda ya riga ya bar aiki yana da hurumin taɓa rajista kuwa, Baba?