Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: ni ce mai waƙar ko jami'a?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Na ci intabiyu a wani kamfani a Kaduna, suka ce sai jami'ata ta aiko musu da tiranskirif, wato takardar makin kwasa-kwasaina, kai tsaye. Na ce ai ga kwafi a hannuna, da hatimi da sa hannu. Jami'in ɗaukar ma'aikatan ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.” To ni na zauna jarrabawar nan shekara huɗu. Idan ba ni ce mai waƙar ba, wace ce? Kuma ta ina zan fara?

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ni a ganina ya juya karin maganar ne. Ana faɗinta idan ana so mutum ya ba da labarin kansa da bakinsa, kada wani ya ari bakinsa ya ci masa albasa. A nan kuwa ke aka hana magana, aka ce wata can ta yi a madadinki. Da gaskiya zai faɗa, cewa zai yi ba a ba kura ajiyar nama, sai dai ya san za ki tashi ki bar masa ofis.

Baba Mai Fayil: Ɗana, ka yi saurin yanke hukunci. Na yi shekaru a ofishin ajiye sakamakon ɗalibai kafin in yi ritaya, kuma ina ganin mutumin ya ajiye maganar a gurbinta. Ɗiyata, ke kika yi karatun, babu musu. Amma takardar nan ba ke kike magana a cikinta ba. Jami'a ce take cewa mun koyar da wance kwas kaza a zango kaza, ta ci maki kaza, Majalisar Dattawan jami'a ta amince. Shaida ce, mai shaida kuwa shi ake son a ji daga bakinsa. Ko a kotu, idan mai ƙara ya zo da takarda ya ce ga abin da shaidana ya faɗa, alƙali zai ce ina shaidan yake?

Shi ya sa tiranskirif ya kasu biyu. Akwai na ɗalibi, wanda ake ba ki don ki san abin da ke ciki, sau da yawa ma an rubuta a jikinsa cewa kwafin ɗalibi ne. Akwai na hukuma, wanda ake rubuta sunan inda za shi a kansa, ya tashi daga ofishin magatakarda ya sauka can ba tare da ya bi ta hannunki ba. Makin da ke cikinsu ɗaya ne, hanyar da kowanne ya bi ce ta raba su. Ki duba naki da kyau, na tabbata na farkon ne.

Ɗan Gwammaja: Baba, Allah ya ƙara girma, ai maganata ka maimaita da lafazi mai taushi. Ba su yarda da ita ba, shi ke nan.

Baba Mai Fayil: Ba ita ba ce ba su yarda da ita ba, takarda ce, kuma suna da hujja. Bari in nuna maka ƙanƙantar abin. Ɗalibi ya gama da yunit 150, matsakaicin makinsa 3.46, wato jimillarsa 519. Digiri mai daraja ta 2:1 daga 3.50 take farawa, wato 525. Maki shida kacal ya raba shi da ita. Idan aka mayar da C ta koma B a kwas biyu masu yunit uku-uku, an samu shidan nan. Harafi biyu ke nan a cikin shafi uku cike da lambobi, aikin da yaron shagon kwamfuta zai gama kafin shayinka ya huce. Idan kamfani ya ce mai 2:1 yake nema, da wane ido jami'insa zai gano wannan? Mu da muke da kundin asali, mu kaɗai za mu gane. Kuma ku yara ba ku tuna 1999 ba, lokacin da Kakakin Majalisar Wakilai Salisu Buhari ya sauka daga kujerarsa saboda digirin Jami'ar Toronto da jami'ar ta ce ba ta san da shi ba. Har yau dattawa in sun ce takardar wane Toronto ce, an san me suke nufi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Anti Bilki: Ni dai abin da na sani, ba sai an wahalar da kai da kamfanin aika saƙo ba. Ki je makarantar, su sa miki a ambulan su manne, su buga hatimi a bakin ambulan ɗin, ki ɗauka ki kai da kanki. Haka ƙanena ya yi aka karɓa. Kada dai ki kuskura ki buɗe don ki leƙa, da zarar hatimin ya tsage ta tashi daga aiki.

Baba Mai Fayil: Batun buɗewa gaskiya ne, Bilki. Sauran kuwa ya danganta da mai karɓa. Wasu suna amsar rufaffen ambulan daga hannun mai shi, wasu ko kallonsa ba sa yi, domin wanda ya iya ƙirƙirar takarda zai iya sassaƙa hatimi. Masu tantance takardun karatun masu tafiya Kanada irin su WES daga makaranta suke so ya taso. Jami'o'i da yawa ma ba za su miƙa miki na hukuma ba ko kin roƙa. Saboda haka, Maman Iman, kafin ki biya ko kwabo, koma wa wancan jami'in ya rubuta miki abu uku: cikakken sunan ofishin da zai karɓa, adireshi ko imel ɗin da suka amince da shi, da lambar da suke so a sa don su gane taki ce. Na sha ganin tiranskirif ya isa lafiya ya kwana wata biyu a ɗakin masu gadi saboda sunan kamfani kawai aka rubuta.

Daga nan sai shafin jami'arki. Yawancinsu yanzu suna da sashen neman tiranskirif. Ki zaɓi na hukuma, ki sa lambarki ta ɗaliba, sashe, shekarar shiga da ta fita, da sunanki yadda yake a kundin makaranta, ba sunan da kika koma amfani da shi bayan aure ba. A jami'o'in tarayya za a fitar miki da lambar biyan kuɗi da ake kira RRR ki biya ta Remita, a banki ko ta waya. Kuɗin aikawa cikin gida daban, na ƙasar waje daban, kuma kowane wuri guda biyansa guda. Ki adana rasit. Abin da ba kya gani shi ne abin da ke biyo baya: ofishinmu zai nemi sakamakonki zango-zango, a gwada da wanda majalisa ta amince da shi, a buga, magatakarda ko wakilinsa ya sa hannu, sannan a rufe a aika. Inda ake maƙalewa shi ne sashe. Idan kin gama tun zamanin da ake rubuta maki a manyan takardu, sai an je an zaƙulo su daga kabad, wani lokacin a tarar babu sakamakon kwas guda, ko wanda kika sake rubutawa ba a shigar da shi ba. Idan mako uku ya wuce shiru, kada ki zauna kallon waya. Ki je, ko ki tura wani da rasit, ya tambayi jami'in jarrabawa na sashenku ko fayil ɗin ya iso teburinsa.

Sani Direba: Ni ma nawa matsalar ke nan. Satifiket ɗina na WAEC ya ƙone a gobarar gidanmu. Wato in na je za su buga mini sabo su aika?

Malama Uwani: Malam Sani, taka daban ce. Satifiket sau ɗaya ake bayarwa, WAEC ba ta sake buga na biyu. Abin da take bayarwa shi ne takardar shaidar cewa ka taɓa mallakarsa, bayan ka kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu. Tun 2022 kuma suna da shafin satifiket na intanet ga waɗanda suka zauna daga 1999 zuwa sama. Tiranskirif kuwa ko sau goma kake so za a buga, muddin za ka biya.

Amma Baba, ina da ja a kan karin maganar. Ta ɗauka cewa mai waƙar ba ya ƙarya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya fallasa yadda ya sayo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, da tiranskirif ɗinsa cif, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Da kamfani ya ce makarantar ta aiko kai tsaye, da gudu za ta aiko. To ina daɗin waƙar?

Baba Mai Fayil: Malama, kin kama ni a nan. Aikowa kai tsaye tana toshe ƙofa ɗaya ce, ta sauya takarda a hanya. Ba ta ce komai a kan ingancin makarantar, wannan sai a duba ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta san da ita, in ta waje ce kuma Ma'aikatar Ilimi ta tantance. Ba zan ɓoye ba, ko a gida ana samun ma'aikacin da ake haɗa baki da shi. Sai dai karin maganar cewa ta yi ta fi daɗi, ba ta ce mai ita waliyyi ne ba.

Ɗan Gwammaja: To kun ga. Ni har yanzu ina nan a kan bakana, maganar an yi ta ne don a bar mutum ya faɗi nasa. Ranar da aka fara amfani da ita don a ce wa mutum yi shiru, an sa mata rigar da ba tata ba.

Malama Uwani: Ai a intabiyu ta rera tata, har ta ci. Wannan baitin na makaranta ne.

Maman Iman: Na gode ƙwarai. Na duba, lallai an rubuta kwafin ɗalibi a saman nawa, shekara shida ban lura ba. Sai dai ga wata sabuwa: mako biyu suka ba ni, kuma a makaranta Mohammed aka rubuta sunan mahaifina, a katin ɗan ƙasa Muhammad.

Baba Mai Fayil: Cike fom ɗin da Mohammed, kada ki nemi a gyara yanzu, gyaran suna ya fi tiranskirif ɗin daɗewa. Ki yi takardar rantsuwa a kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ki kai wa kamfanin da hannunki, wannan kam waƙarki ce. Mako biyu kuwa ba zan yi miki alkawari ba. Ki biya gobe da safe, ki tura musu rasit da lambar RRR, ki tambaya a rubuce ko za su bar ki ki kama aiki kafin ya iso, kuma ko za su karɓa ta imel ɗin ofishin magatakarda idan jami'arki tana yin haka. Wace shekara kika gama, kuma wane sashe?