Zare 1000 a jikin ledar zanin gado: me kuka gani bayan wanki?

Uwar amarya, Bauchi: Assalamu alaikum. Ina haɗa kayan ɗakin ɗiyata, aka nuna mini zanin gado iri biyu, ɗaya an rubuta zare 1000, ɗayan zare 300 amma ya fi tsada. Ina son jin abin da kuka gani da idanunku.

Maman 'yan biyu: Hajiya, na taɓa sayen mai 1000. Santsinsa ya burge ni, sai dai da zafin Afrilu ya shigo ya riƙa manne wa jiki saboda gumi, bayan wanki kaɗan kuma ya yi gudaje a daidai ƙafafu.

Tela daga Wunti: Ranki ya daɗe, lambar nan adadin zaren tsaye da na kwance ce a cikin murabba'in inci ɗaya, kuma inci ɗaya ba ya ɗaukar siririn zaren auduga fiye da 400 zuwa 500 sai da dabara. Dabarar ita ce a murɗa silli huɗu su zama zare ɗaya, a saƙa 250, sannan a ƙirga kowane silli daban a rubuta 1000. Sau da yawa auduga mai gajeren gashi ake murɗawa haka, ita ce ke kawo gudajen da Maman 'yan biyu ta gani. Mai 300 na auduga mai dogon gashi ya fi shan iska, ya fi jure wanki.

Baban Gombe: Ni nauyi kaɗai nake dubawa, domin wanda ya fi nauyi shi ya fi ƙarko.

Tela daga Wunti: Alhaji, nauyi yana nuna kauri ne kawai, ana kuma iya auna shi a gida. Zani mai tsawon mita 2.5 da faɗin mita 2.3 murabba'in mita 5.75 ke nan. Idan sikeli ya nuna giram 690, a raba da 5.75, a sami giram 120 a kowane murabba'in mita, wanda ya dace da zafinmu. Mai giram 170 zuwa sama na hunturu ne. Amma a wanke shi ya bushe kafin a auna, saboda sitacin masaƙa yana ƙara nauyi. Yadin roba mai giram 100 ma yakan fi auduga mai 130 riƙe zafi, don haka sai an san irin zaren tukuna. A ciro silli a ƙona: auduga takan zama toka mai warin takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Baban Gombe: Duk da haka nawa mai kauri ya daɗe bai yage ba, masu shara-shara kuwa duk sun tafi.

Wata amarya: Nawa launinsa ne ya zuba a wankin farko, ko ƙarancin zare ne ya jawo?

Tela daga Wunti: Wannan matsalar rini ce, ƙanwata, adadin zare da nauyi ba su faɗin komai a kanta.

Uwar amarya: To, a shago ba za su yarda in ƙona silli ba. Zan ɗaga shi ga haske in duba saƙar, in sayi guda ɗaya mai 300 in wanke kafin in ƙaro sauran.