Mita 100 daga Kogin Kaduna: gine-gine nawa ne a ciki?

Sadiya: Assalamu alaikum. Ni da Nura an ba mu aiki ɗaya: mu zana bafa, wato ɗamarar da ke zagaye kogi a kan taswira, ta mita 100 a wani yanki na Kogin Kaduna, mu ƙirga gine-ginen da suka faɗa ciki. Dukkanmu manhajar taswira ta QGIS muka yi amfani da ita, fayil ɗin gine-ginen ma ɗaya ne, amma adadinsa ya kusa ninka nawa. Ni dai na ce lissafin na'ura amsa ɗaya gare shi, dole ɗayanmu ya yi kuskure. Shi ya ce duk daidai ne. A raba mu.

Auwalu: Wa alaikumus salam. Ba sai an je da nisa ba, matsalar digiri ce. Bayanan OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, da tsarin awo na `EPSG:4326` suke zuwa, ma'auninsu digiri ne, kuma digiri ɗaya ya kai kilomita 111. Ɗayanku bai yi `Reproject layer` ba. Kaduna tana cikin yankin UTM na 32, ku mayar da komai `EPSG:32632` ku sake, za ku dace.

Nura: Auwalu, da digiri ne ai da ba ninki biyu za a gani ba. Wanda ya rubuta 100 a leyar da ke kan digiri, bafarsa sai ta rufe Afirka baki ɗaya har ta wuce, duk wani gini da ke cikin fayil ya shiga. Mu duka mun sauya zuwa `EPSG:32632`, na duba nata da idona.

Injiniya Rabi'u: Shawarar Auwalu a kan hanya take, sai dai ba ita ce cutar yau ba, kamar yadda Nura ya nuna. Sadiya, kafin in ce komai: kogin da kika sa wa bafar, layi ne ko fili ne mai gefe biyu? Kai ma Nura, naka fa?

Sadiya: Layi ne, Injiniya. Wanda ke da alamar `waterway=river`.

Nura: Ni na ruwan na ɗauka, `natural=water`, mai nuna faɗin kogin.

Injiniya Rabi'u: To ga inda gizo ke saƙar. Layin nan na Sadiya ta tsakiyar ruwa yake bi, an zana shi ne don a nuna inda kogi ya dosa, ba shi da faɗi ko na taku ɗaya. Manhaja kuwa daga abin da aka miƙa mata take fara awo.

Mu ɗauka a wani wuri faɗin kogin mita 120 ne. Daga tsakiya zuwa kowace gaɓa mita 60 ke nan. Idan aka auna 100 daga layin tsakiya, 60 sun tafi a kan ruwa, abin da ya hau tudu 40 ne kacal. Nura da ya fara daga gaɓa, mita 100 ɗinsa duka a kan tudu suke. Ya fi ki faɗin ƙasa ninki biyu da rabi a wannan wurin, yaya gidajensa ba za su fi yawa ba? Inda kogin ya buɗe ya kai mita 200, bafarki ba za ta taɓa ƙasa ba sam, sai ki samu sifili alhali ga gidaje jere a bakin ruwa. Inda ya tsuke kuma sai lambobinku su matso kusa da juna.

Gane wannan ba wuya. Ki sa hoton tauraron ɗan adam a ƙasa, ki rage duhun launin bafar yadda za ki riƙa hango abin da ke ƙarƙashi, sannan ki bi ta daga farko zuwa ƙarshe. Idan ɗamarar da ta hau tudu tana kumbura tana tsukewa, daga tsakiya aka auna. A ƙaramin rafi mai faɗin mita uku ko huɗu layi ya wadatar, babu mai damuwa. A kogi irin na Kaduna bai wadatar ba.

Sadiya: Ke nan maganata ta tabbata, akwai wanda ya yi kuskure. Kawai dai ni ce, ba shi ba.

Nura: Ni ban yarda kuskure ba ne. An ce mana "mita 100 daga kogi", ba a ce daga ina ba. Kin amsa wata tambaya, na amsa wata.

Injiniya Rabi'u: A nan ina bayan Sadiya, Nura. Duk wanda ya ce gida yana mita 100 daga kogi, daga bakin ruwa yake nufi, ba wanda ke shiga kwalekwale ya fara awo daga tsakiya. Wannan gyara ne. Amma akwai wurin da maganarka take da ƙarfi, kuma ina zargin ko ta gyara kogin ba za ku dace ba. A `Extract by location`, wane akwati kowannenku ya zaɓa?

Nura: `intersect`, yadda na tarar da shi.

Sadiya: Ni `are within` na zaɓa. An ce waɗanda suka faɗa ciki, ai ciki ciki ne.

Injiniya Rabi'u: Madalla. Bari mu ɗauki gine-gine uku a kusa da iyakar. Na farko bangonsa na kusa da kogi yana mita 70, na nesa yana 85. Wannan ba gardama, kowa ya ƙirga shi. Na biyu ya fara daga 90 ya ƙare a 106, iyakar ta ratsa ta cikinsa, amma tsakiyarsa tana 98. Na uku ya fara daga 97 ya ƙare a 113, tsakiyarsa tana 105, ɗan kusurwa ne kawai ya leƙo ciki.

`intersect` duk abin da ya taɓa bafar yake ɗauka, zai ba ku uku. `are within` sai ginin da ya shige gaba ɗaya, zai ba ku ɗaya. Wanda kuma ya fara mayar da gine-ginen ɗigo-ɗigo da `Centroids` sannan ya ƙirga da `Count points in polygon`, biyu zai samu. Gine-gine uku, amsa uku, kuma na'ura ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. A unguwa mai cunkoso, inda iyakar ke ratsa ɗaruruwan rufi, tazarar ba ƙarama ba ce.

Wanne za a ɗauka, ya danganta da abin da za a yi da lambar. Idan maganar hana gini kusa da ruwa ce, `intersect` ya fi dacewa, domin ginin da bangonsa ya shiga ya shiga. Idan za a raba gine-ginen zuwa zobe-zobe, misali 0 zuwa 50 da 50 zuwa 100, ɗigon tsakiya ya fi, don kada gini ɗaya ya fito a zobe biyu. `are within` ne na fi jin tsoro, yana rage lamba ba tare da kowa ya lura ba.

Maman Hanifa: Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar taswira ba ce. Amma idan wannan ƙirgar don ambaliya ce, ku sake tunani. Mu a Maiduguri, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga gidan ƙanwata, kuma daga gidan ba a ko hango kogi. Wata da ta fi ta kusa da ruwa, da yake kan tudu take, ko ƙofar gidanta bai jiƙe ba. To mita 100 ɗin nan me ta hana?

Injiniya Rabi'u: Allah ya kiyaye gaba, Maman Hanifa. Ba ita aka tambaya ba, amma gaskiya kika faɗa. Bafa nisa kawai take aunawa, ba ta san tudu ba, ba ta san kwari ba. Taswirar ambaliya tana buƙatar bayanan tsayin ƙasa da yawan ruwan da ake tsammani. Sadiya, a rahotonku ku rubuta "gine-ginen da ke cikin mita 100 daga gaɓa", kada kalmar haɗari ta shiga.

Auwalu: Tunda digirina bai ci ba, ga wata. Kogin a OpenStreetMap guntu-guntu yake zuwa. In ba a kunna `Dissolve result` ba, bafar kowane guntu tana hawa kan ta maƙwabcinsa, gidan da ke mahaɗar sai a ƙirga shi sau biyu. Ina ga shi ya kumbura lambar Nura.

Injiniya Rabi'u: Yana faruwa, amma ba da kayan aikin da Nura ya ɗauka ba. `Extract by location` gini yake dubawa, ya ce ya shiga ko bai shiga ba, sau ɗaya. Ninkin yana zuwa ne idan aka yi `Count points in polygon` a kan bafa mai guntaye sannan aka tara jimilla. A kunna `Dissolve result` ɗin dai, ba ya cin kuɗi.

Nura: Ni da rumbun bayanai na PostGIS na tabbatar da tawa, can ba a ma buƙatar zana bafar:

```
SELECT count(*) FROM gine g
WHERE EXISTS (SELECT 1 FROM kogi k
  WHERE ST_DWithin(g.geom, k.geom, 100));
```

Ma'anarsa ɗaya da `intersect`, matuƙar teburan biyu suna kan mita. Bambancin da na samu da QGIS bai taka kara ya karya ba.

Sadiya: Na sake yi da filin ruwan da `intersect`, yanzu lambarmu ta zo ɗaya. Sai dai da na ɗora hoton, na ga gefen ruwan da aka zana bai bi gaɓar da nake gani ba. A wasu wuraren yashi ne da duwatsu tsakanin zanen da ainihin gaɓar, kamar wanda ya zana da hoton rani ya yi aiki. In na ja shi zuwa gaɓar damina, lambar za ta sake tashi.

Injiniya Rabi'u: Za ta tashi. Ni gaɓar da ruwa ke cikawa da damina nake bi, inda yashi ya ƙare ƙasa mai tauri da bishiyoyi suka fara, in zana ta da hannu, in rubuta ranar hoton da na yi amfani da shi.

Nura: Injiniya, da girmamawa, in kowa zai zana gaɓarsa da hannu ai mun koma gidan jiya. Nawa zanen da na Sadiya ba za su taɓa zama ɗaya ba. Gara a tsaya kan wanda kowa zai iya saukewa ya maimaita, ko da yana da ɗan aibi.

Injiniya Rabi'u: Sai ka haɗa fayil ɗin gaɓar da rahoton, mai son maimaitawa ya ɗauka. Na OpenStreetMap ɗin ma wani ne ya zana da hannu, kuma gobe wani na iya gyara shi.

Maman Hanifa: Wata tambaya kuma. Gidanmu ɗaya ne, amma akwai zaure, da ɗakunan tsakar gida, da kicin a ware, da shagon da ke jikin katanga. Na'urar taku gida ɗaya za ta ce ko huɗu?

Sadiya: Yanzu na duba, Mama. A fayil ɗinmu wani gidan an zagaye shi duka da zane ɗaya, na kusa da shi kuma kowane rufi da nasa zanen. Gobe zan tambayi malamin da ya ba mu aikin ko rufi yake so ko gida, don in gida ne, sai mun bi unguwar nan da ƙafa.