Neman shawara: za a iya gane zanen Dalí na gaskiya daga hotuna kawai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani mai sayarwa ya aiko mini da hotuna huɗu na wani bugun zane a kan takarda, wanda ya ce litogiraf ne na Salvador Dalí, fitaccen mai zane ɗan ƙasar Sifen. Akwai sa hannu da fensir a ƙasa ta dama, akwai lamba 87/150 ta hagu, kuma ya ce idan an shafa ana jin sawun buroshi. Zanen yana cikin firam da gilashi. Me zan duba a hotunan kafin in yanke shawara?

Wani mai zane da fentin mai: Wa alaikumus salam, Malam. Ni abin da nake fara dubawa shi ne tudun fenti. A aikin hannu, sawun buroshi yana bin siffar abin da aka zana, ya yi kauri inda mai zanen ya danna, ya yi siriri inda ya ɗaga hannu. A kwafi kuwa, sukan shafa wani ruwa mai kauri marar launi a kan bugun, sai ka ga sawun ya ratsa fuska ya wuce cikin sararin sama ba tare da launin ya canza ba. Ka ce ya ɗauko maka hoton kusa na wurin da launuka biyu suka haɗu.

Wata mai gyaran tsofaffin takardu da zane-zane: Malam mai fenti ya yi gaskiya a kan zanen hannu, sai dai abin da ke gabanmu bugu ne, kuma a nan maganar mai sayarwar ita ce ta fara ba ni tsoro. Litogiraf ana yin sa ne ta zana siffa da abu mai maiƙo a kan dutse ko farantin ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda a kai, saboda haka tawadar kwance take lumui a jikin takardar, ba ta da tudun da yatsa zai ji. Ko da mai zanen ya yi amfani da buroshi a kan dutsen, siffar sawun ce kawai za ta fito, ba kaurinsa ba. Wanda ya ce yana jin buroshi a litogiraf, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma an ƙara wa takardar wani abu daga baya.

Hotuna huɗun da ke hannunka, ɗan'uwa, da wuya su amfane ka idan ta bayan gilashi aka ɗauke su. Ka roƙi mai sayarwar ya fitar da takardar daga firam. Ya kashe fitilar ɗaki, ya kwantar da tocila a gefen takardar yadda hasken zai bi ta kanta a kwance, ya ɗauki hoton sa hannun. Fensir na gaskiya yana ɗan ƙyalli a irin wannan hasken, kuma yakan bar ɗan kwari inda aka danna shi, alhali sa hannun da aka buga da inji kwance yake kamar sauran tawadar. Sannan ya matso da kyamarar kusa da wani wuri mai launi marar duhu, kamar fatar jiki ko gajimare. Matsowa nake nufi, ba jawo hoton da yatsa ba, domin waya takan shafe ƙananan ɗigo ta mai da su santsi. A litogiraf na dutse za ka ga tsaki-tsaki marar tsari, kamar an goga alli a bango. Idan kuwa ka ga ɗigo na shuɗi, ja, rawaya da baƙi a jere daidai wa daida suna haɗa ƙananan da'irori, to daga hoto aka buga shi da injin buga mujallu. Na ƙarshe, ya ɗaga takardar ta fuskanci taga, ya ɗauki hoton gefenta na ƙasa, domin tambarin masana'anta da ke cikin jikin takardar ya bayyana.

Wani mai tara bugun zane: Ni dai lambar ce ta kwantar mini da hankali, Hajiya. Bugu 150 ba shi da yawa, kuma mai jabu ba zai yi gangancin rubuta lambar da wani ke riƙe da ita ba. Na kuma san cewa lambobin farko sun fi kyau domin dutsen bai gaji ba tukuna.

Mai gyaran takardu: Alhaji, lambar nan da fensir ake rubuta ta, kuma kowa yana iya rubutawa. Ko a bugu na gaskiya, sau da yawa ma'aikacin ɗakin bugu ne ke sa lambar bayan takardun sun bushe, ba lallai a bisa jerin da suka fito ba, don haka 87 ba ya nuna cewa shi ne na tamanin da bakwai da ya bar dutsen. Maganar gajiya ta fi dacewa da wasu nau'o'in bugun farantin tagulla, inda siraran layuka ke lalacewa da yawan dannawa. Amfanin lambar shi ne a gwada ta da kundin da masana suka tattara na dukan bugun mai zanen. Idan kundin ya ce wannan siffa an buga ta guda 250 a kan wata takarda daban, ko kuma tsawonta da faɗinta sun saɓa wa abin da ka auna, to 87/150 ta zama shaida a kan mai sayarwa. Haka ma haruffan E.A. ko A.P., waɗanda ake sa wa 'yan kwafin da aka ware wa mai zanen. Masu jabu suna son su domin sau da yawa ba su da lambar da za a bi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ya aiko da sababbin hotuna. Sa hannun yana ƙyalli, kuma da alama fensir ne. A hoton kusa ban ga ɗigo masu jeri ba, amma hoton ya ɗan yi dishi-dishi. A jikin takardar an rubuta ARCHES FRANCE, kuma akwai wata alama kamar lamba 8 a kwance.

Mai gyaran takardu: Wannan alamar ita ce ta fi komai nauyi a cikin abin da ka faɗa. Masana'antar ta fara sa ta a takardunta ne a 1980, kuma a wannan lokacin ne lafiyar Dalí ta taɓarɓare, hannunsa ya riƙa rawa, har masu nazarin ayyukansa suka tafi a kan cewa daga nan bai ci gaba da sa hannu a takardun bugu ba. Ya rasu a 1989. Saboda haka sa hannun fensir mai tsafta a kan takardar da ke ɗauke da wannan alama babban dalili ne na ja da baya. Ƙyallin ya nuna fensir ne, bai nuna hannun wa ya riƙe shi ba. Kuma ko da babu alamar, ba za mu ce an tsira ba, domin sananne ne cewa Dalí ya sa hannu a kan takardu masu yawa da ba a buga komai a kansu ba, sai ga sa hannu na gaskiya a ƙarƙashin siffar da bai taɓa gani ba.

Mai tara bugun zane: Na yarda da batun takardar, amma ban yarda cewa ba za a iya hukunta sa hannu daga hoto ba. Wanda ya ga ɗaruruwa yana gane inda hannu ya yi jinkiri yana kwaikwayo.

Mai gyaran takardu: Yana iya gane mummunan kwaikwayo, Alhaji, amma sa hannun Dalí ya canza salo sau da yawa a rayuwarsa, don haka ni ba zan dogara da shi kaɗai ba. Kai kuma Malam mai tambaya, ka nemi sunan bugun, shekararsa, mawallafinsa da lambarsa a kundin, tare da ma'aunin takardar da na siffar da santimita. Idan ya kawo su kuma sun dace, ka sa sharaɗi a rubuce cewa masani mai zaman kansa zai duba takardar da hannunsa kafin cinikin ya tabbata. Idan ya ƙi, ko ya kawo takardar shaidar da shi da kansa ya rubuta, ka bar masa kayansa.