Airplane mode ya kashe min Wi-Fi, yaya zan dawo da shi kaɗai?

Jama'a ku taimaka, jibi zan tashi daga Kano zuwa Jidda. An ce Airplane mode layin SIM yake yankewa, wato kira, saƙo da data, ya haɗa da Wi-Fi, amma GPS da kyamara suna nan. An kuma ce bayan kunna shi za a iya taɓa alamar Wi-Fi ta dawo ita kaɗai. Na gwada a gida da wayata Android: alamar tana haske, sai ta tsaya a "Obtaining IP address". Na yi Forget network, na sake sa lambar sirri, shiru. Matsalar daga wayar ce ko daga na'urar Wi-Fi ɗin? Iyalina za su jira saƙona ta WhatsApp, kuɗin roaming kuwa ya fi ƙarfina.