Jerin jiha da gari a Excel: in biya a yi min ko in haɗa da kaina?

Abban Khadija (Jidda): Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wani ɗan ofishin kago nan wajen Bab Makka, muna tura wa mutane kaya gida, dabino, abaya, darduma da sauransu. Matsalarmu rubuta adireshi, yaro ɗaya zai rubuta Funtua wani Funtuwa wani ma ya sa ta ƙarƙashin Kaduna, in aka zo ware kaya sai rigima. Ina so a takardar Excel ɗinmu in an zaɓi jiha a B, to C ta kawo garuruwan jihar nan kawai. Wani ya ce zai yi min a riyal 300. Kwamfutar ofis tsohuwa ce, Excel 2016 ne a kai kuma na Larabci. In biya ko abu ne da zan iya da kaina kafin cunkoson Umrar azumi? Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Ɗan Misfala: Wa alaikumus salam. 300?? Malam za a yanke ka. Ni wani ɗalibi ya yi min irinsa a riyal 50 har da shayi na ba shi.

Sadiku Riyad: Ba ka buƙatar kowa, ka yi amfani da FILTER kawai. Ka jera jiha da gari a tebur ɗaya, FILTER ta tsamo maka garuruwan, minti biyar an gama.

Malam Na Madina: Sadiku ka sake karanta tambayar, 2016 ya ce. Babu FILTER a 2016, babu a 2019 ma, sai 2021 ko 365. In ya rubuta, kuskuren `#NAME?` kawai zai gani.

Abban Khadija, za ka iya da kanka, yamma ɗaya ta ishe ka. Ka buɗe sabon shafi a cikin fayil ɗin, layin farko na sama ka jera sunayen jihohi a kwance, Kano, Katsina, Jigawa har ƙarshe, ƙarƙashin kowace jiha ka sauko da garuruwanta. Sai ka zaɓe su duka ka danna F5, ka shiga Special ka zaɓi Constants, wannan zai bar guraben da ba komai don jihohin ba tsayi ɗaya ba ne, Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Katsina 34, Zamfara 14 kacal. In ba ka yi haka ba jerin Zamfara zai zo da dogon fili fari a ƙasa. Daga nan Ctrl+Shift+F3, ka bar alama a Top row kaɗai. Yanzu kowane jerin garuruwa ya samu suna, sunan jiharsa.

A B ka yi Data Validation, ka zaɓi List, ka nuna masa layin jihohin nan. A C kuma ka zaɓi daga C2 zuwa ƙasa iya inda kuke cikewa, List, a Source ka sa wannan:

```
=INDIRECT(SUBSTITUTE($B2," ","_"))
```

In ya fito da gargaɗi cewa akwai kuskure, don B2 ba komai ne a lokacin, ka danna Yes ka wuce.

Abban Khadija (Jidda): Allah ya saka da alheri Malam. To meye amfanin SUBSTITUTE ɗin, na ga wasu INDIRECT kawai suke sawa.

Malam Na Madina: Saboda Akwa Ibom da Cross River. Excel ba ya yarda suna ya zo da fili a tsakiya, da kansa zai mayar da shi Akwa_Ibom, amma abin da yaronka zai zaɓa a B da fili yake. To ita ce ke cike filin su dace. In ba ta, jihohin nan biyu kibiyar za ta ƙi buɗewa.

Hajiya Ummi Makka: Ni dai wallahi in na ji ana maganar wannan jerin raina ɓaci yake. Bara na biya riyal 500 aka yi min, ba 50 ba, wai ƙwararre, ya zo har shago ya nuna min yana aiki na yi ta sa masa albarka. Wata baiwar Allah ta kawo kayan lefen ɗanta akwati uku za su Malumfashi, yarona ya zaɓi Katsina ya zaɓi Malumfashi daidai, to ashe daga baya hannunsa ya taɓa gurbin jiha ta koma Kebbi, kun san a jerin namu suna manne da juna. Garin bai motsa ba, yana nan Malumfashi, jiha kuma Kebbi, kwamfuta ko uffan ba ta ce ba. Mu kuma da jiha muke ware kaya in sun sauka Kano. Aka loda akwatunan a motar Birnin Kebbi. Biki saura kwana kaɗan matar nan tana kirana tana kuka, dangin amarya sun fara ƙananan maganganu wai dama babu lefen, ni na biya kuɗin mota aka juyo da su ta Gusau, suka iso bayan an ɗaura aure. Har yau in mun haɗu a Harami gaisuwa ce sama-sama. Na kira wanda ya yi min aikin ya ce wai ba laifinsa ba ne haka Excel yake. To in haka yake me ya sa bai faɗa min ba tun farko? Na koma littafi da biro, ban sake buɗe abin ba.

Ɗan Misfala: Subhanallah. Hajiya Allah ya mayar da alheri. Amma 500 kam ya yi yawa, ko da zinare ya rubuta.

Baban Sultan: Kayan lefe sun je yawon buɗe ido Argungu kenan 😂 Yi haƙuri Hajiya.

Hajiya Ummi Makka: Kai ka ga abin dariya, ni na san abin da na biya.

Malam Na Madina: Hajiya gaskiyarki, shi ma bai yi ƙarya ba amma rabin aiki ya yi miki. Jerin yana tsare abin da ake shigarwa ne a lokacin da ake shigarwa, ba ya komawa ya duba abin da ya riga ya zauna. Ka canza jiha, tsohon gari na nan daram. Maganinsa a sa gurbin ya yi ja in gari bai dace da jiha ba. A zaɓi C2 zuwa ƙasa, Conditional Formatting, sabuwar doka ta fomula:

```
=AND($C2<>"",COUNTIF(INDIRECT(SUBSTITUTE($B2," ","_")),$C2)=0)
```

a ba ta jan launi. Da an yi wannan, Kebbi da Malumfashi za su yi jawur tun kafin a buga takardar da ake liƙa wa akwati. Abban Khadija kar ka fara aiki da shi sai ka sa wannan, kuma ka gwada da hannunka: zaɓi Kano da Bichi, ka mayar da jihar Jigawa, in bai yi ja ba akwai gyara.

Sadiku Riyad: Ni dai har yanzu na ce INDIRECT tsohon yayi ne, yana sa fayil nauyi. Ya koma Google Sheets kyauta ne, kowa ya cike a wayarsa.

Ummu Aiman: Sadiku ka taɓa yi a Sheets ɗin kuwa? Ni na yi wa ƙungiyarmu ta mata a nan Jidda, yanki da gari na Saudiyya, yankuna 13, in ka zaɓi Makka ya kawo Jidda da Ɗa'if da Rabig. Wannan fomular ta Malam ba ta shiga kai tsaye a can, sai da na yi wani shafi na daban inda kowane layi ke da nasa jerin a gefe, layi 200 jeri 200. Yana aiki amma na sha wuya.

Sadiku Riyad: Ni injiniya ne fa, kullum da wannan nake aiki.

Ɗan Misfala: Injiniya bai karanta 2016 ba 😄 Mu bar Malam ya yi magana shi da ya amsa abin da aka tambaya.

Sadiku Riyad: To ai sai ku yi ta zama a 2016 ɗin.

Abban Khadija (Jidda): Jama'a a yi haƙuri. Malam na gwada bayan isha'i, ya ƙi karɓar fomular gaba ɗaya, yana cewa akwai matsala a cikinta. Na cire SUBSTITUTE na bar INDIRECT kaɗai sai ya karɓa, amma yanzu kowane layi garuruwan Kano yake kawowa ko na zaɓi Sokoto.

Malam Na Madina: Abu biyu ne. Na farko, kwamfutoci da yawa da aka saita da Larabci ba waƙafi suke so tsakanin sassan fomula ba, `;` suke so. Ka canza kowane `,` zuwa `;` a duka fomulolin biyu. Na biyu, na tabbata da linzami ka danna B2 maimakon ka rubuta, shi ya sa ya zama `$B$2`, kowane layi yana kallon jihar layi na biyu. Cire dalar da ke gaban 2 ya zama `$B2`.

Ɗan Agadas: Mu 'yan Nijar fa? Ko kagon naku ba ya zuwa Maraɗi da Damagaram?

Ummu Aiman: Sai ya ƙara su a gefe kamar sauran jihohin ya ba su suna. Wani abu kuma da ya cije ni, in yara suna kwafo adireshi daga WhatsApp suna liƙawa a gurbin, jerin ba ya hana su, in daga wani gurbin Excel suka kwafo ma goge jerin yake yi gaba ɗaya ba ka sani ba. Sai ka ja musu kunne sosai.

Hajiya Ummi Makka: Ja kunne? Yaran yanzu? Kuma ni abin da ya fi damuna ma ba kwamfuta ba ce, masu karɓar kaya a can gida ne. Ka rubuta adireshi tsaf, kaya su sauka su yi sati uku a sito ba wanda ya kira mai su, in ka yi magana a ce mota ba ta cika ba.

Baban Sultan: Wannan gaskiya ne. Ni katan ɗin dabino na tura wa tsohuwa, an auna a gabana a nan, ya isa an farke gefe an yi masa zakka.

Ɗan Misfala: Kuma kuɗin kilo kowa da nasa, ka tambayi shago uku a layi ɗaya ka ji farashi uku. Abban Khadija ku nawa kuke yi yanzu zuwa Kano?

Abban Khadija (Jidda): Wannan sai dai ka zo ofis, maigida ke yanka farashi. Malam ya yi! Sokoto ta kawo Wurno da Tambuwal, jan launin ma yana aiki. Saura abu ɗaya, ƙananan hukumomi 774 zan zuba duka ko garuruwan da motarmu ke zuwa kawai? Don akwai masu cewa ƙauyensu ba ya ciki, kuma in na kulle jerin ba za a iya rubuta shi ba.

Ɗan Agadas: Ka sa duka mana.

Ummu Aiman: A'a, inda kuke sauke kaya kawai, ƙauye a ba shi gurbinsa daban a D a rubuta da hannu.

Hajiya Ummi Makka: Baban Sultan wane sito ne naka ya sauka? Turo min ta gefe, ina zargin mutanen nan ɗaya ne da nawa.